Daga Hoton Ƙarshe Zuwa Cikakken Labari: Yadda Ake Gina Kashi Uku

Idan marubuta biyu suka haɗa hannu a kan labari ɗaya, ba kasafai suke zuwa da kaya iri ɗaya ba. Wani yakan zo da jigo, wani da tauraro, wani da abin da ya ji ana yi a gari. Akwai kuma wanda zai zo da abu guda tak, wato yadda yake ganin fitowar ƙarshe. Sai ya ce maka, "Malam, ni dai ga abin da nake gani a ƙarshen labarin, saura kuma kai ka san yadda za ka yi." Bai ba ka sunan kowa ba, bai faɗi gari ba, bai ce ga abin da ya haɗa mutanen ba.

Rubutun haɗin gwiwa ba baƙo ba ne a wajenmu. Littafin Jiki Magayi na shekarun 1930 mutum biyu ne suka rubuta shi, John Tafida da Rupert East. A fina-finan Hausa ma sau da yawa za ka ga an rubuta sunan mai labari daban, na wanda ya tsara shi daban. Abin da ya rage shi ne sanin yadda mai tsarawa zai yi idan hoto ɗaya kawai aka danƙa masa. Hanyar da ta fi ɓullewa ita ce ya ɗauki hoton a matsayin amsa, ya shiga neman tambayar da ta haife ta. Da zarar tambayar ta fito, kashi ukun labarin sun samu aikin yi. Na farko ya aza tambayar, na biyu ya sa amsa ta yi tsada, na uku ya tilasta wa tauraro ya ba da ita.

Mene ne kashi uku?

Tun zamanin Girkawan dauri, Aristotil ya bayyana cewa cikakken labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma kowane ɓangare shi ne ke jawo na gabansa. Wanda ya mai da wannan ma'auni a hannun marubutan fim na zamani shi ne Syd Field, Ba'amurke, a littafinsa Screenplay na shekarar 1979. A lissafinsa, shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kusan minti ɗaya a allo. Fim mai shafi 120 sai ya kasu haka: shafi 30 na gabatarwa, shafi 60 na artabu, shafi 30 na warwarewa. A ƙarshen kashi na ɗaya akwai juyi, a ƙarshen na biyu ma akwai wani, kuma kowannensu yana karkatar da labarin zuwa inda ba a dawowa. Mai rubuta littafi zai iya aron wannan rabo. Idan babi 24 ne, sai ya ba farko 6, tsakiya 12, ƙarshe 6. Ba doka ba ce, abin awo ne da ke nuna maka inda ka yi tsawo da inda ka yi gaggawa.

Fara gini daga ƙarshe ma tsohuwar dabara ce. A shekarar 1846, Edgar Allan Poe ya rubuta maƙala a kan yadda yake aiki, inda ya nace cewa sai marubuci ya san makomar labarinsa kafin ya ɗora alƙalami a takarda, domin sanin nan ne zai sa kowane abu da ya faru ya nufi wuri ɗaya. Ke nan wanda aka ba hoton ƙarshe ba a bar shi hannu rabbana ba. An ba shi abin da marubuta da yawa ke shan wahalar nema.

Zauna da hoton, ka yi masa tambayoyi

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce abokin rubutunka ya ba ka wannan. Da asuba ne, a tashar mota. Wani dattijo yana tsaye a gefen mota, ya rungumo kan keken ɗinki a naɗe da zane, yana miƙa wa wata budurwa ta taga. Ita kuwa ba ta miƙo hannu ba tukuna.

Kafin ka ƙirƙiri komai, lissafa abin da ke cikin hoton. Akwai mutum biyu, akwai abu ɗaya da ke tsakaninsu, akwai wuri, akwai lokaci, akwai kuma motsin da bai ƙarasa ba. Kowane ɗayansu bashi ne a kanka, wanda dole labarin ya biya.

Tambaya ta farko ita ce labarin na wane ne. A duba wanda yake aikata wani abu a hoton, wanda kuma abin yake yi wa ciwo. A nan dattijon ne, domin shi ne ke rabuwa da abin hannunsa. Da budurwar ce tauraruwa, da hoton zai tsaya a kan shigarta mota ko saukowarta. Tambaya ta biyu ita ce me wannan kyauta ta ci masa. Idan attajiri ne mai kekuna goma, hoton ba shi da nauyi. Ashe dole keken nan ya kasance shi ne abincinsa. Ta uku ita ce me ya hana ta karɓa. Ba a jinkirin karɓar alheri daga wanda bai taɓa cutar da kai ba, saboda haka akwai wani laifi a tsakaninsu. Haɗa waɗannan uku, sai ka ga tambayar labarin ta leƙo: shin mutumin nan zai mayar da abin da ba nasa ba, ko da hakan zai raba shi da sana'arsa da mutuncinsa?

A nan ne ya kamata ka koma wurin abokin rubutunka, kafin ka yi nisa. Hoto ɗaya yana iya ɗaukar labarai da dama. Dattijon yana iya zama mahaifinta da ya hana ta sana'a. Yana iya zama maigidan da ya kore ta daga shago bisa ƙazafi. Yana iya zama baffanta da ya riƙe gadon marainiya. Kai masa ukun, ka lura da wanda ya sa ya gyara zama. Sannan ka tambaye shi abu biyu: wane ji yake so ya bari a zuciyar mai kallo, kuma a cikin hoton me ba ya yarda a taɓa? Sau da yawa mai hoto ya san amsoshin nan, bai dai taɓa furta su ba. A misalinmu, a ce ya zaɓi baffa da marainiya, ya kuma ce hannun da ba a miƙo ba shi ne ran hoton.

Tafiya da baya

Yanzu sai ka fara daga tasha kana ja da baya, kana tambayar me ya kawo kowane mataki. Baffa yana tasha da asuba saboda yarinyar za ta bi motar farko zuwa wurin dangin mahaifiyarta. Za ta tafi ne saboda ta gano ya san gaskiya tun farko. Ta gano ne saboda ta ga rasidin sayen keken, mai ɗauke da sunan mahaifinta, a cikin durowar shagonsa. Ta isa ga durowar ne saboda shi da kansa ya shigo da ita shagon. Ya shigo da ita ne saboda idonsa ya fara rauni, ba ya iya zura zare a allura. Rasidin kuwa ya ɓoye shi ne saboda ya riga ya faɗa a gaban mai unguwa cewa ya sayi keken daga hannun ƙaninsa kafin ya rasu. Ya faɗi haka ne saboda mahaifiyar yarinyar ta nemi a ba marainiya kayan ubanta.

Wannan sarƙa mai zobe bakwai ita ce ƙashin bayan labarin. Lura da cewa ba a kai ga rubuta zance ko ɗaya ba, amma an riga an san juyi biyun da ake bukata. Ƙaryar da ya yi a gaban mai unguwa ita ce ƙarshen kashi na ɗaya. Ganin rasidin shi ne ƙarshen kashi na biyu.

Saura fitowar farko. Hanya mafi sauƙi ita ce a kifar da hoton ƙarshe. Idan a ƙarshe yana miƙa keken, to a farko a gan shi yana kulle shago da magariba, ya rufe keken da zane, yarinyar tana waje tana leƙe ta taga. Mutanen su ne, keken shi ne, har tagar ma tana nan. Abin da ya bambanta shi ne wanda ke riƙewa da wanda ke saki. Tazarar da ke tsakanin hotunan biyu ita ce tafiyar da labarin zai yi.

Kashi na ɗaya: aza tambaya

A fim mai minti 100, wannan kashi yana da kamar minti 25. Aikinsa shi ne ya sa mu fahimci Baffa kafin mu zarge shi. A nuna shi tela ne na gaske, mai iyali, wanda da ɗinkin nan yake ciyar da gidansa, har yana aika wa gidan marigayi ɗan abin cefane. Idan aka mai da shi azzalumi tun daga farko, ba wanda zai yarda da shi a tasha. Wajen minti na 10 sai mahaifiyar yarinyar ta zo da maganar gado. Baffa ya yi ta waina zancen, yau ya ce sai an yi arba'in, gobe ya ce sai bayan Sallah. Da magana ta kai gaban mai unguwa, sai ya buɗe baki ya ce keken nasa ne. Kafin wannan rana yana iya janyewa ba tare da an ji ba. Bayanta kuwa, mayar da keken na nufin ya tsaya gaban jama'a ya ƙaryata kansa.

A wannan kashi ne kuma ake shuka duk abin da hoton ƙarshe zai girba. Zanen da za a naɗe keken da shi, a nuna na marigayi ne, shi yake rufe keken da shi tun yana raye. A nuna Baffa yana kwance kan keken daga teburinsa don ya yi masa mai, domin mai kallo ya san ana raba su. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk abin da bai bayyana a nan ba, idan ya faɗo a ƙarshe, mai kallo zai ji an yi masa dabara.

Kashi na biyu: amsa ta yi tsada

Nan ne rabin labarin yake, minti 50, kuma nan ne hoton ƙarshe ya fi yin shiru. Ya faɗa maka inda za ka sauka, bai faɗa maka abin da za a yi a hanya ba. Dabarar ita ce a raba kashin gida biyu, a sa juyi a tsakiya.

A rabin farko Baffa yana ganin ya yi nasara. Watan azumi ya kama, ɗinkin Sallah ya yi yawa, ga kuma ankon biki da ya karɓa daga wani babban gida. Yarinyar ta koma koyon ɗinki a wurin wata mata a unguwa. Amma idonsa ya soma cin amanarsa, yana ɓoyewa. A tsakiyar fim sai ya ɓata yadin ankon, ya yanka ba daidai ba. Yarinyar da aka aiko da abincin buɗa-baki ta ga ɓarnar, ta zauna ta gyara ba tare da ta ce uffan ba. Da ya duba ɗinkin, sai ya ga hannun ƙaninsa sak.

Daga nan labarin ya sauya fuska. Da yana kare keken daga gare ta, yanzu ba shi da mai juya keken sai ita. Ya shigo da ita shago, tana ɗinki yana karɓar yabo. Suka fara sabawa, har ta koma kiransa Baffa da sakin fuska, shi kuma yana ce mata 'yata. Wannan shaƙuwa ita ce ke ƙara wa gaskiya tsada, domin a da keke kawai zai rasa idan ya faɗa, yanzu har da ita. Ana cikin haka mai shago ya matsa da kuɗin haya, wani dillali kuma ya taya keken. Sai ranar da ta buɗe durowa neman alli ta ga rasidin. Ba ta yi masa rashin kunya ba. Ta ajiye takardar a kan keken, ta ce, "Baffa, ashe ka sani," ta fita.

Kashi na uku: biyan bashi

Minti 25 na ƙarshe na zaɓi ne, kuma dole hanyoyin biyu su kasance a buɗe da gaske. Yana iya sayar da keken ya biya haya, ya yaga rasidin, mutuncinsa na nan a idon gari. Yana iya kuma mayarwa ya rasa duka. Idan aka toshe hanya ta farko, misali dillalin ya fasa saye, to ba zaɓi ya yi ba, dole ce ta sa shi, hoton tasha kuma ya zama na mutumin da ya rasa yadda zai yi.

Akwai wani abu da masu gini daga hoto sukan manta: sau da yawa hoton ƙarshe ba shi ne ƙololuwar labari ba, abin da ya biyo bayanta ne. A nan ƙololuwa ita ce daren da Baffa ya ɗauki rasidin ya tafi zauren mai unguwa, ya faɗi gaskiya a gaban mutanen da suka ji ƙaryarsa. Daga nan ya wuce shago, ya kwance kan keken, ya naɗe da zanen ƙaninsa. Yanzu kowane yanki na hoton ya samu dalili. Asuba ce domin bai runtsa ba, kuma motar farko za ta bi. Kan keken kawai ya ɗauko domin shi kaɗai ya zo, bai nemi ɗan dako ba. Hannunta bai motsa ba domin ba ta san abin da ya faru a zaure ba, mu kuwa mun sani. Wannan sanin da mai kallo ya fi ta shi ne zai sa ya ƙagu ta miƙo hannun.

Wani misali daga Amurka

Fim ɗin Planet of the Apes na shekarar 1968 ya nuna yadda hoto ɗaya ke mulkin labari gaba ɗaya. An ɗauko shi daga littafin Bafaranshe Pierre Boulle na 1963, amma ƙarshensu ba ɗaya ba ne. Rod Serling ne ya fara rubuta fim ɗin, Michael Wilson ya sake rubuta shi, ya kuma bar hoton ƙarshen da ya tarar: wani ɗan sama-jannati, wanda Charlton Heston ya fito a matsayinsa, ya ga mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York a binne rabi cikin yashi a bakin teku. Nan ya gane cewa duniyar birai da ya ɗauka wata ce daban, tasa ce, mutane suka hallaka ta. Duba yadda aka biya bashin hoton. Tun farko an nuna shi mutum ne da ya yanke ƙauna daga 'yan Adam. A tsakiya ya koma mai kare martabarsu a gaban birai. Kusa da ƙarshe aka tono 'yar tsana ta mutane mai magana a cikin kogo. Da hoton ya zo, ya zo da mamaki, amma wanda ya waiwaya zai ga an yi ta nuna masa hanya.

Inda ake tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jan tauraro da igiya zuwa hoton. Alamarsa ita ce ka tambayi kanka me ya sa ya yi kaza, amsar ta zama don ya isa tasha. Gwajin ba wuya. Karanta sarƙar daga farko zuwa ƙarshe da babbar murya, kana haɗa kowane mataki da "saboda haka" ko "amma". Duk inda bakinka ya faɗi "sai kuma", to zoben nan bai kama ba. A misalinmu, da mun ce wata maƙwabciya ce ta zo ta tsegunta wa yarinyar maganar rasidi, da "sai kuma" ne. Amma da yake Baffa ne ya shigo da ita shago saboda larurar idonsa, tonuwar asirin daga aikinsa ta fito.

Na biyu shi ne kashe hoton tun kafin a iso gare shi. Idan Baffa ya yi kuka ya nemi gafara a tsakiyar fim, tasha ba ta da sauran abin faɗa. Alamar wannan ita ce ka cire fitowar ƙarshe, ka ga labarin bai rasa komai ba.

Na uku shi ne hoton da babu mutum mai aiki a cikinsa, kamar ruwan sama na zuba a kan gidan da ba kowa. Irin wannan yanayi ne kawai, ba a samun sarƙa daga gare shi. Sai ka koma ka tambayi mai shi wane ne ya bar gidan, kuma wa ke kallon ruwan. Haka nan fim mai dogon zango, wanda ba a san ranar ƙarewarsa ba, hoto ɗaya ba zai riƙe shi duka ba. Gara a mai da hoton ƙarshen zango guda, a gina kashi ukun a cikin wannan zangon.

Idan labarin ya fi ƙarfin hoton

Wani lokaci ana gama gini sai a ga wani yanki na hoton ya ƙi zama. A ce labarin ya nuna yarinyar ba mai gudu ba ce, ba za ta bar mahaifiyarta ta shiga mota ba. A nan amsar da abokin rubutunka ya ba ka tun farko za ta yi amfani. Tun da ya ce hannun da ba a miƙo ba shi ne ran hoton, tasha tana iya komawa ƙofar gida, asuba ta koma hantsi, ba a ci amanarsa ba. Abin da ba shi da kyau shi ne ka sauya a ɓoye, ya zo ya tarar da wani ƙarshe daban.

Saboda haka kada ka rubuta zance ko layi ɗaya sai ka kai masa shafi guda mai ɗauke da abu biyar: fitowar farko, ƙaryar gaban mai unguwa, gyaran anko, ganin rasidi, da daren zaure. Ku zauna ku yi gardama a kan wannan shafi har ku daidaita, sannan ku amince da yadda za a rubuta sunayenku, wane ne mai labari, wane ne mai tsarawa. Gyaran zobe ɗaya a shafi guda aikin yini ne, amma idan sai da aka rubuta shafi 100 aka gano bai kama ba, rabin rubutun ne zai koma baya.